Incin da Ruwa Ke Ci: Dalilin Jiƙa Yadi Kafin a Sa Masa Almakashi

Sabon yadin auduga, yadda yake fitowa daga masaƙa, ya fi ainihin tsawonsa tsawo. A miƙe aka saƙa shi, a miƙe aka busar da shi, a miƙe aka naɗe shi, kuma haka zai zauna a kanti ko da zai shekara ba a taɓa shi ba. Sai ranar da ya fara shiga ruwa zaren ke sakin jiki, yadin ya koma girmansa na gaskiya. Wannan komawar ita ce tsukewa. Idan ta faru tun ba a yanka yadin ba, abin da aka rasa bai wuce 'yan inci a ƙarshensa ba. Idan kuwa sai da aka yanka aka ɗinka, to incin nan daga tsawon riga da hannu da ƙafar wando za su fita, kuma ba su dawowa. Shi ya sa tsofaffin teloli ke jiƙa irin wannan yadi su shanya shi su goge, sannan su ɗauki alli da almakashi.

Yawancin masu koyon ɗinki suna jin wannan umarni tun a watanninsu na farko a shago, amma ba kasafai ake gaya musu dalilinsa ba. Labarin wani ɗan koyo a irin shagunan ɗinkin maza da ke Fagge a Kano ya isa misali, domin abin da ya same shi yana faruwa a shaguna da dama duk shekara, musamman a goman ƙarshe na azumi.

Yaron yana cikin shekararsa ta biyu. Ya wuce matakin sa maɓalli da guga da kalmasa, har maigidansa ya fara ba shi yanka. Ana saura kwana tara Salla wani malamin makaranta ya kawo farin yadi, yadi biyar, auduga zalla da ya sayo a Kantin Kwari, yana son kaftani da wando. Aka yi masa awo: tsawon riga inci 42, hannu 24, wuya 16, tsawon wando 41, faɗin riga a ƙirji kuma, idan an haɗa da sakewar da ake bari, inci 46. Maigida ya miƙa wa yaron yadin ya ce, "Wannan naka ne. Amma ka jiƙa shi ya kwana kafin ka sa masa almakashi."

Yaron ya duba yadin ya gan shi fari fat, ko ɗigon datti babu. A fahimtarsa wanki maganin datti ne, kuma ga ɗinki ya taru har kan benci. Jiƙawa da shanya da guga za su cinye masa yini guda. Sai ya shimfiɗa yadin a tebur a daren nan ya yanka, daidai da awo, bai ƙara ba bai rage ba. Ɗinki ya yi kyau. Malam ya zo ya gwada, rigar ta zauna masa cif, ya biya har da ɗan tukuici.

Bayan Salla da mako guda ya dawo da kayan a leda. An wanke su sau ɗaya. Rigar da take sauka ƙasan gwiwa ta ɗangale, hannu ya bar agogo a waje, wando ya hau saman idon sawu, maɓallin wuya kuma ya ƙi shiga. Malam ya ce, cikin ladabi amma da ɓacin rai, "Maigida, anya kayana ne waɗannan? Ko dai an musanya mini da na wani?" Maigida ya sa tef. Riga ta koma inci 40 ba kaɗan, hannu 23 ba kaɗan, wando 39, ƙirji ya rage da inci ɗaya da 'yan kai. Ya ba malam haƙuri, ya ce laifin shago ne, za a sake masa. Da baƙo ya fita, bai yi faɗa ba. Ya ce wa yaron, "Ɗauko mini ragowar yadin nan."

Gwajin inci ashirin

Ragowar ta kai inci 24 a tsaye, da cikakken faɗinta. Maigida ya shimfiɗa ta a tebur ba tare da ya ja ta ba, ya sa biro ya ɗiga alama biyu da tazarar inci 20 tsakaninsu, suna bin tsawon yadin, wato layin da ke tafiya tare da bakin da masaƙa ta gama. Ya sake ɗiga wasu biyu da tazarar inci 20 a kwance, daga wannan baki zuwa wancan. Biro ya yi amfani da shi domin alli ruwa zai wanke shi. Ya kuma nisanta alamomin daga gefe da kamar inci biyu, saboda bakin yadi ya fi tsakiya tauri, tsukewarsa daban take. Daga nan ya ba yaron ya ce ya wanke ƙyallen yadda matar malam za ta wanke rigar, da ruwa da sabulu da cuɗa, ya shanya ya bushe, ya goge ba tare da ja ba.

Da yamma aka sake awo. Alamomin tsaye sun koma inci 19. Na kwance sun koma 19 da rabi. Dalilin zaɓen inci 20 shi ne sauƙin lissafi: kowane inci ɗaya da ya ɓace kashi 5 ne cikin 100, rabin inci kuma kashi 2 da rabi. Ke nan wannan yadi yana tsukewa da kashi 5 a tsaye, kashi 2 da rabi a kwance.

Maigida ya sa yaron ya yi lissafin da kansa a bayan littafin awo. Kashi 5 cikin 100 na inci 42 ya ɗan haura inci 2, riga ta koma 39.9. Na inci 24 shi ne 1.2, hannu ya koma 22.8. Na inci 41 ya kai inci 2, wando ya koma wajen 39. Kwalar wuya, da yake a tsaye aka yanko ta, ta sauko daga 16 zuwa 15.2, kuma wuya wuri ne da ko rabin inci ba ya yafewa. Ƙirji, wanda ke bin faɗin yadi, ya rasa inci 1.15. Duk lambobin sun yi daidai da abin da tef ya nuna a jikin kayan malam. A nan ne yaron ya gane cewa awonsa bai yi kuskure ba, yankansa ma haka. Yadin ne ya canza girma bayan ya bar hannunsa, kuma canjin abu ne da ake iya sani tun kafin a yanka.

Abin da ke faruwa a cikin zare

Saƙa zare biyu ne masu giciye: zaren tsaye, wanda masaƙan gargajiya ke wadarinsa, da zaren kwance da ƙoshiya ke ratsawa da shi. Zaren tsaye dole ya kasance a ɗaure tamau muddin ana saƙa, in ba haka ba saƙar ba za ta yiwu ba. A masaƙun zamani har sitaci ake shafa masa don ya jure gogayya da ja. Bayan saƙa, yadin yana bi ta injunan wanki da rini da busarwa, kuma a kowane mataki ana jan sa ne ta tsawonsa daga wannan nadi zuwa wancan. A ƙarshe a busar da shi da zafi yana miƙe, a ƙara masa sitaci, a matse shi. Zaren auduga idan ya bushe a miƙe yakan tsaya a haka, kamar an kafe shi. Zaren kwance bai sha irin wannan ja ba, shi ya sa a mafi yawan yadudduka tsukewar tsaye ta fi ta kwance.

Ruwa yana yin abu biyu. Na farko, yana narkar da sitacin da ke riƙe da zaren, yana kuma shiga cikin silin audugar ya sassauta shi, sai zaren ya koma tsawon da yake da shi kafin a ja shi. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Auduga tana shan ruwa ta kumbura, kuma kumburin a kauri yake, ba a tsawo ba. Zaren tsaye ba a miƙe sambal yake tafiya ba, hawa yake yana sauka, ya bi ta saman zaren kwance ɗaya ya bi ta ƙarƙashin na gaba. Idan zaren kwance ya kumbura, hanyar da na tsaye zai bi ya kewaye shi ta ƙaru, alhali tsawonsa bai ƙaru ba. Abin da zai yi sai ya jawo zarurrukan kwance su matso kusa da juna. Idan yadin ya bushe kumburin yakan sace, amma zaren ba ya komawa inda yake a da, domin babu injin da zai sake jan sa. Wanda ya ɗaga ƙyallen da aka wanke da wanda ba a wanke ba ya duba su a hasken rana zai ga saƙar wankakken ta fi cikewa.

Wannan bayani ya nuna dalilin da ya sa mafi yawan tsukewar a wankin farko take faruwa, sai ɗan abin da ya rage a na biyu da na uku. Ya kuma nuna dalilin da ya sa yayyafa ruwa a sama ba ya wadatarwa. Sai ruwa ya ratsa zaren har ciki. Sabon yadi mai sitaci yana iya yin minti da yawa a cikin baho yana iyo, ruwa na gangarewa ta kansa, cikinsa a bushe.

Ba kowane yadi ne ke da wannan hali ba. Zaren roba, irin su foliyesta, kusan ba ya shan ruwa, kuma a masana'anta an riga an daidaita shi da zafi, don haka wanki ba ya rage shi. Abin da yake tsoro shi ne dutsen guga mai zafi. Yadin da aka gauraya auduga da roba, kamar tetiron ɗin da ake kayan makaranta da shi, tsukewarsa kaɗan ce. Akoko da alawayyo da sauran auduga mai arha da ba a yi wa wani gyara ba su ne kan gaba, wani yakan kai kashi 10 cikin 100. Lilin ma yana tsukewa sosai. Akwai kuma bisko, wato yadin nan mai sanyi da santsi da mata ke dogayen riguna da shi, wanda daga itace ake sarrafa zarensa. Shi ya fi auduga shan ruwa, yakan tsuke fiye da ita, kuma yakan ci gaba da raguwa a wanki na biyu da na uku. Ulu kuwa nasa daban ne: silinsa yana da 'yan ɓawo-ɓawo da ke sarƙewa da juna idan ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa, ya dunƙule ya yi tauri, kuma ba ya warwarewa.

Masana'antu sun daɗe da sanin matsalar. A 1930 wani Ba'amurke mai suna Sanford Cluett ya yi rajistar wata dabara ta tsuke yadi tun a masaƙa. Ana jiƙa yadin da tururi, a manna shi a jikin wani kauri na roba da aka miƙe a kan nadi. Idan robar ta koma girmanta sai ta tafi da yadin, ta cusa zaren kwance kusa da juna, a busar da shi a haka. Yadin da ya bi ta wannan hanya, wanda ake buga wa tambarin Sanforized, tsukewar da ta rage masa ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba. Matsalar tela ita ce yadi yakan zo masa a yanke, ba takarda ba tambari, kuma ido ba ya bambance wanda aka yi wa wannan aiki da wanda ba a yi wa ba. Maganar mai kanti cewa "wannan ba ya tsukewa" ba awo ba ce.

Ɗangalewa ba ita kaɗai ba ce

Da maigida ya juya rigar malam ya nuna wa yaron wasu wurare, sai ya ga ashe gajarta ce mafi sauƙin illar. Riga ba yadi ɗaya ba ce. Akwai zaren ɗinki, akwai gam da ake mannawa a kwala da bakin hannu don su tsaya, akwai aikin wuya, wani lokaci akwai shafi da zif. Kowannensu da irin halinsa a ruwa, kuma an ɗinke su wuri guda.

Zaren keke na yau galibi na roba ne, ba ya tsukewa. Idan yadi ya ragu da kashi 5 a gefen riga mai inci 42, zaren da ke wannan layi ya fi yadin tsawo da inci biyu, ɗinkin ya daina kwanciya yadda aka yi shi. Kwala ta fi muni. Gam ɗin da ke ciki yana nan a inci 16, yadin da ke manne da shi yana son komawa 15. Sai yadin ya ɓamɓare daga gam a wasu wurare ya yi ƙuraje-ƙuraje, kwalar ta lanƙwashe, kuma duk yadda aka danna dutsen guga ba ta komawa. Aikin wuya da keken kwamfuta ya cika da zare ya zama kamar allo, ba ya motsi, yadin da ke kewaye da shi kuwa ya ja baya, sai ƙirjin riga ya yi tudu yana tattarewa a gefen aikin. A ɗinkin mata abin da aka fi gani shi ne shafi na roba ya leƙo ta ƙasan siket ɗin atamfa bayan wankin farko, ko zif ya yi ta lanƙwasa a baya kamar tafiyar maciji, domin yadin ya gajarta shi kuwa yana nan yadda yake.

Akwai kuma karkacewa. A wajen busarwa a masana'anta wani lokaci gefe ɗaya na yadin yakan riga ɗayan, sai zaren kwance ya bushe a karkace, sitaci ya riƙe shi a haka. A tebur yadin yana nan sumul. Idan an yanka wando a kansa aka wanke, zaren zai koma mazauninsa, ya tafi da ƙafar wandon, sai a ga ɗinkin gefe ya murɗo ya dawo gaban ƙauri. Wannan ba shi da gyara ko kaɗan. Jiƙawa kafin yanka ce ke fito da shi fili tun yana da magani.

Gyaran kayan malam bai yiwu ba. Kalmasar ƙasan riga inci ɗaya ce, ko an warware ta duka ba za ta cike inci biyu ba, kuma layin tsohuwar kalmasa zai fito. Hannu mai maɓalli ba shi da abin da za a sako. Shago ya sayi wani yadin, yaron kuma aka ce shi zai jiƙa shi zai ɗinka.

Yadda ake jiƙawa

Ƙa'idar ita ce a yi wa yadi, tun ba a yanka ba, abin da mai shi zai riƙa yi masa bayan an ɗinka. Idan da ruwan sanyi za a riƙa wanke shi, ruwan sanyi ya isa, ko da yake mai ɗumi ya fi saurin ratsa sitaci. Idan kayan aiki ne ko na asibiti da za a riƙa sa wa ruwan zafi, to da ruwan zafi za a jiƙa.

Yaron ya fara da kalmashe bakin yadin biyu da aka yanka, don kada zare ya zazzage a ruwa. Ya warware shi gaba ɗaya, domin yadin da aka tsoma a ninke cikinsa ba ya jiƙa daidai, wani wuri ya tsuke wani ya ƙi. Ya zuba ruwa mai ɗumi a babban baho da ɗan garin sabulu kaɗan, wanda amfaninsa a nan shi ne ya taimaki ruwa ya shiga zare. Ya danna yadin da hannu har ya daina tasowa, launinsa ya canza ko'ina, alamar ya sha. Ruwan ya yi fari-fari da kauri saboda sitacin da ya fita. Rabin awa zuwa awa ɗaya ya wadatar idan yadin ya jiƙa sosai. Barin shi ya kwana al'ada ce mai kyau ga farin yadi mai sitaci da yawa, amma ga mai launi kasada ce, domin idan yana zuba launin zai iya komawa ya ɓata wani sashe. Fari da mai launi ba sa haɗa baho. Gishirin da wasu ke zubawa don kama launi ba shi da wani tasiri a kan tsukewa.

Bayan ɗauraya ba a murɗe yadi. A matse shi a hankali, a rataye shi a igiya a inuwa, baki da baki a daidaite, nauyinsa ya rabu biyu. Idan aka maƙale shi ta kusurwa ɗaya nauyin ruwa zai ja shi ya bushe a karkace. Ana sauke shi da sauran danshi kaɗan a goge. A nan ne masu koyo da yawa ke ɓata aikin da suka yi: suna jan yadin da hannu ɗaya suna tura dutse da ɗayan, sai su sake miƙe shi ya bushe a miƙe, wato su mayar da shi halin da ya fito daga masaƙa. Dutse a ɗora shi ake yi a ɗaga, ana bin tsawon yadi, ba ja. Daga nan a bar shi ya huce a shimfiɗe. Kafin yanka sai a zare silin zaren kwance ɗaya daga baki zuwa baki, a yanke a kan layin da ya bari, a ninka yadin biyu. Idan bakin biyu sun haɗu kuma ƙarshen ya daidaita ba tare da tattarewa ba, yadin ya miƙe. Idan bai daidaita ba, mutum biyu su kama kusurwoyin da ke gajere su ja a hankali ta giciye har ya dawo. Shafi na auduga da duk wani ƙyalle da za a haɗa a jikin rigar su ma sai an jiƙa su.

Ulu da yadin kwat ba a tsoma su. Ana shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a kansu a danna dutse mai zafi, tururi ya ratsa, a bi yadin gaba ɗaya taki-taki, a bar shi ya bushe a kwance.

Inda ba a jiƙawa

Duk wanda ya san shagon tela a ƙasar Hausa ya san ba kowane yadi ake jiƙawa ba, kuma ba duka ne sakaci ba. Shadda ita ce babban misali. Auduga ce, amma ƙyallinta da ƙarar da take yi sun fito ne daga gyaran ƙarshe da matsi mai ƙarfi da aka yi mata a masana'anta. Mutumin da ya kashe kuɗi mai yawa ya sayi shadda don Salla ko biki yana son ya sa ta da sabuntarta, kuma telan da ya tsoma ta a baho ba da izini ba ya jawo wa kansa rigima. Haka mata da yawa ba sa son a wanke musu atamfa kafin su fara ɗaurawa. Leshi mai duwatsu kuwa ba a ma fara.

A irin wannan hali gwajin ƙyalle ne ke maye gurbin jiƙawa. Idan babu ragowar da ta kai inci 20, inci 10 ma ya yi, sai dai a nan rabin inci ne kashi 5. Idan an san yawan tsukewar sai a bar mata wuri a yanka. Lissafin yana da ɗan tarko. Mai son riga ta tsaya a inci 42 bayan wanki, a yadi mai tsukewar kashi 5, raba 42 zai yi da 0.95, ya sami 44.2. Idan tsukewar kashi 10 ce, a raba da 0.9, a sami 46.7, alhali wanda ya ƙara kashi 10 kawai a kan 42 zai sami 46.2, ya rasa rabin inci. Illar wannan hanya ita ce rigar za ta yi wa mai ita ɗan yawa a sawar farko, don haka sai an gaya masa. Kuma ba ta magance rikicin gam da aikin wuya da shafi. Babbar riga da zani suna jure wannan saboda yalwarsu, inci biyu ba sa nunawa. Ɗinki mai kama jiki, mai kwala da maɓallin hannu, shi ne ba ya jurewa. Wata mafitar ga shadda ita ce, idan mai ita ya yarda, a jiƙa, a sa mata sitaci, a kai wa masu bugu su dawo mata da ƙyalli, sannan a yanka. Rinanniyar shadda kuwa ta riga ta sha ruwa a wajen marina, yawancin tsukewarta ta wuce.

Abu na ƙarshe da yaron ya koya ya shafi saye. Yadi ɗaya inci 36 ne. Yadi biyar inci 180 ke nan, kuma a tsukewar kashi 5 inci 9 za su tafi, wato rubu'in yadi. A yadi goma na babbar riga da 'yar ciki da wando rabin yadi ne cur. Idan abin da aka kawo daidai-wa-daida yake da ɗinkin, bayan jiƙawa ba zai isa ba, kuma gara a sani tun mai kaya yana tsaye a shago. Don haka tela yana karɓar yadin auduga ya kamata ya auna shi a gaban mai shi, ya gaya masa za a jiƙa, ya kuma ƙara yini guda a kan ranar da zai ce a zo a karɓa. Mai kai ɗinki kuma, idan yadinsa auduga ce ko lilin ko bisko, ya sayi ƙarin rubu'in yadi a kan kowane yadi biyar, ya kai da wuri, ya tambayi telansa ko zai jiƙa kafin ya yanka.